Tiya Biyu: Tsara Tatsuniyar Kunkuru da Sarki Mai Haɗama a Shafi Ɗaya Don Fim Ɗin Zane

Takardar labari mai shafi ɗaya ita ce rubutu na farko da ake yi wa fim ɗin zane, tun kafin mai zane ya feƙe fensir. A cikinta ake ba da labarin gaba ɗayansa, daga farko har ƙarshe, da zance miƙaƙƙe, kamar abin yana faruwa yanzu a gaban ido. Ta fi ƴan layukan da ake tallar fim da su tsawo, domin su waɗancan ɓoye ƙarshen labari suke yi don su ja ran mai kallo. Ba ta kuma kai cikakken rubutun da masu aikin silima a Nijar ke kira senariyo ba, wanda a cikinsa ake jera kowace fitowa da kowace magana. Shafi ɗaya yakan ɗauki kalma ɗari huɗu zuwa ɗari biyar. Masu karanta shi kuwa mutum uku ne: mai zane, da mai sauti, da mai ba da kuɗi. Dukansu tambaya ɗaya ke ransu, wato me za a gani a allo.

Daga wannan tambaya ne ƙa'idar takardar ta fito. Duk jimlar da ke cikinta ta zama abin da hannu zai iya zanawa ko kunne zai iya ji. In aka rubuta cewa sarki yana da haɗama, ba a ba mai zane komai ba, domin haɗama ba ta da siffa. In kuwa aka rubuta cewa sarki ya tsugunna ya tsince ƙwayar gero ɗaya da ta faɗi ƙasa, ya hure ta, ya jefa a aljihu, to an ba shi aikin daƙiƙa huɗu, an kuma faɗa wa mai kallo halin mutumin ba tare da an furta ba.

Wannan ita ce wahalar da tatsuniya ke ba marubucin fim. Tatsuniya da baka aka gina ta. Tsohuwa a tsakar gida tana iya cewa kunkuru ya yi ta yi wa sarki daɗin baki har sarki ya yarda, yara su gamsu, domin muryarta da fuskarta sun cike gurbin. A fim ɗin zane babu wannan gata. Wayon da aka ƙulla da baki kaɗai yana zama hoton kawuna biyu suna motsa leɓe, ga tsada wajen zane, ga gundura wajen kallo. Saboda haka aikin farko shi ne a samo wa kunkuru dabarar da ido ke gani.

Nijar tana da gado a wannan fanni. Mustafa Alasan, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, yana cikin na farko-farko da suka yi fim ɗin zane a Afirka ta kudu da Sahara. Ya yi aiki da Jean Rouch a Yamai, ya kuma je Kanada inda ya haɗu da Norman McLaren. Fim ɗinsa La Mort de Gandji na 1965 fadar wani sarkin kwaɗi ce, Bon Voyage Sim na 1966 kuma shugaban ƙasar kwaɗi ne ya tafi ziyarar aiki, da faretin soja da jawabai da dukan shagalin mulki, cikin mintoci kaɗan. Abin koyo a wurinsa shi ne ƙarancin layi. Kwaɗonsa ƴan zane ne kawai, amma tafiyarsa da kumburinsa sun isa a gane ko wane ne. Daga baya ya yi Kokoa da ƴan tsana, inda dabbobi ke kokawa irin ta gargajiya. Duk wanda zai sa dabba ta kara da mai mulki a fim ɗin Nijar, kan turbarsa yake tafiya.

Zaɓen kunkuru ma yana bukatar hujja. A tatsuniyoyin Hausa, Gizo ne sarkin wayo, shi da matarsa Ƙoƙi, kuma shi ya fi yawan fitowa a tarin da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913. Kunkuru a matsayin babban mai dabara ya fi ƙarfi a wajen Yarbawa da Ibo. Sai dai Gizo ba zai dace da wannan labari ba, domin shi kansa makwaɗaici ne; in ya damfari sarki, cikinsa zai cika, kuma labarin ya zama na ɓarayi biyu. Kunkuru kuwa an san shi da sanyin jiki da haƙuri da rashin makami, har ake cewa yana son dambe amma ba shi da yatsa. Wanda ba shi da ƙarfi ba shi da sauri, dole dabararsa ta fito daga abin da jikinsa ke iyawa.

Abin da jikin kunkurun Sahel ke iyawa shi ne haƙa. Babban kunkurun tudu na wannan yanki, wanda ya fi kowane kunkurun nahiyar Afirka girma, yana da ƙafafun gaba masu kauri da ƙaya-ƙaya, yana tona rami mai zurfi ya shige lokacin zafin bazara. Ya bambanta da kififiya, wadda ke zaune a ruwa kamar tafkin Madarunfa, kuma bai kamata mai zane ya haɗa su ba. Abubuwa uku ke nan tabbatattu a hannun marubuci: kunkuru yana haƙa, yana ɗaukar kaya a gadon bayansa, kuma idonsa dab da ƙasa yake, yana ganin abin da mai tsayi ba ya gani. Daga ukun nan za a ƙera dabarar.

Sai maganar sarki, wadda a Maraɗi ba ta wasa ba ce. Sarautar Maraɗi ta Katsinawa ce da suka bar Birnin Katsina bayan ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, suka kafu a nan ƙarƙashin Ɗan Kasawa, shi ya sa har yau ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Tibiri, ƴar tazara kaɗan arewa maso yamma, ita ce mazaunin Sarkin Gobir tun bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Fadojin nan biyu suna raye, mutane sun san ƙofofinsu da tamburansu da kayan dogarawansu. In takardar ta bar sarkin labari babu bayani, mai zane zai kwaikwayi fadar da ya saba gani, kuma masu kallo su ɗauka habaici ne ga wani mutum takamaimai. Don haka a rubuta ƙarara cewa garin ba shi da suna, sarkin ƙaramin sarki ne na tatsuniya, fadarsa zaure ɗaya ne da rumbu. Amma tsarin fadojin gaskiya yana ba labarin abu mai amfani: sarki ba shi kaɗai ba ne. A Maraɗi akwai Iya, a Gobir akwai Inna, mata masu sarauta da ake jin maganarsu, akwai kuma manyan fada. Tsohuwa mai irin wannan matsayi ita ce za ta hana sarkin labari cin amanar dokar da ya kafa da bakinsa.

Haɗamar ma sai a ba ta kayan aiki. A kasuwannin Maraɗi da tiya ake awon gero, kuma kowane yaro ya san bashin hatsi da ake ci da damina, lokacin da rumbuna suka ƙare sabon amfani bai iso ba, a biya da kaka. Sarkin da ke ba da bashi da ƙaramar tiya ya karɓa da babba, bai bukatar a bayyana laifinsa ga mai kallo na Jiratawa ko Tibiri. Ƙwarya biyu a kan tabarma sun gama magana.

Ga yadda takardar za ta kasance idan an rubuta ta:

«Tiya Biyu. Fim ɗin zane, minti shida, don yara da iyayensu.

«Damina ce a wani gari na bakin fadama. Rumbunan gidaje goma sun ƙare. Mutane sun yi layi a ƙofar Sarki, yana auna wa kowane gida gero tiya goma da wata ƴar ƙaramar ƙwarya. Sankira yana shela: a garin nan da ƙarama ake ba da bashi, da babba ake biya. A ƙarshen layi akwai Kunkuru, manomi mai ƴar gona a gefen gulbi. Sarki bai gan shi ba, ya taka bayansa ya wuce.

«Kaka ta yi. Sarki ya fito da babbar ƙwarya, ninkin ƙaramar. Kowane gida ya zuba goma. Babban rumbun ƙasa na Sarki, da ke zaune a kan duwatsu, ya cika da tsabar gero har baki, na talakawa kuwa rabi. Manzo ya iso a kan doki: Sarkin Ƙetaren Gulbi zai zo nan da kwana shida ya ga rumbun da ake labari. Sarki ya hau tsani yana shafa bakin rumbun. Kunkuru yana ƙasa, yana kallon gindinsa.

«Da dare Kunkuru ya shiga tsakanin duwatsun, ya ƙwaƙule ƴar huda. Gero ya tsiyayo. Ya tara ƙaramar tiya goma a raminsa, ya toshe hudar da ɓawon gyaɗa. Da safe Sarki ya leƙa ya ga rumbu ya sauka, ya yi kururuwa. Kunkuru ya taho da ƙwarya a bayansa ya ce, “Ranka ya daɗe, ko in ranta maka?” Sarki ya fizge. Iya ta ɗauki gawayi ta ja layi goma a bangon zaure. Rumbu ya cika.

«Dare biyar ana haka. Sarki ya jera dogarai a kan rumbu suna tsaron bakinsa, sun harbi jemage, sun kori tsuntsu, babu wanda ya dubi ƙasa. Gero yana fita ta gindi, yana komawa ta baki. Layukan bango sun kai hamsin. A dare na ƙarshe Kunkuru ya tsaya, ya ƙirga, ya liƙe hudar da laka.

«Baƙo ya iso, ya ga rumbu maƙil, ya jinjina. Sarki yana cikin kumbura sai ga Kunkuru ya faɗi gaisuwa, ya nuna bango. Sarki ya yi dariya, ya miƙa hannu ga ƙaramar ƙwarya. Sankira, bisa sabo, ya ɗaga murya: da babba ake biya. Fada ta yi tsit. Baƙo ya zuba wa Sarki ido. Iya ta ɗauki babbar ta sa masa a hannu.

«Sarki yana awo, gidaje goma suna karɓar biyar-biyar. Da ya sunkuya ɗaukar ƙwaya ɗaya da ta faɗi, sai ya hangi ɗanyar laka a gindin rumbu da sawun farce. Ya juya. Kunkuru ya mai da kai cikin ƙoƙonsa. Da yamma Iya tana shanya kuɓewa a cikin ƙaramar ƙwaryar, babbar ita kaɗai ta rage a kan tabarmar awo.»

Abu na farko da za a gwada a wannan shafi shi ne lissafinsa, domin yaro ɗan lakkal zai ƙirga, kuma in ya kama kuskure labarin ya zube a idonsa. Gidaje goma sun ci bashin ƙaramar tiya ɗari. Sun biya babba ɗari, wanda yake daidai da ƙarama ɗari biyu. Abin da aka zalunce su ke nan ƙarama ɗari, wato babba hamsin. Geron da Kunkuru ya ranta wa Sarki na Sarkin ne, ya fita ya koma, babu ƙwayar da ta ɓace. Abin da ya fita daga rumbu a ranar biya babba hamsin ne cif, daidai da rarar da aka ƙwace, kuma Sarki ya tsira da ainihin geron da ya bayar da damina. Wannan shi ya sa jimlar da ke cewa Kunkuru ya tsaya ya ƙirga ya liƙe hudar ta fi kowace jimla nauyi a shafin. Yana da ikon ya ci gaba har ya ƙwashe rumbun, bai yi ba. Bambancinsa da Gizo ke nan, kuma an nuna shi da aikin hannu, ba da wa'azi ba. Marubucin da ya bar Kunkuru ya kai layi ɗari ya mai da shi sarki na biyu.

Abu na biyu shi ne a duba ko haɗamar ce da kanta ta kama sarkin. Hanyar gwaji mai sauƙi ce: a cire halin, a ga ko labarin zai tsaya. In Sarki mai wadatar zuci ne, ya leƙa ya ga rumbu ya ɗan sauka, zai ce ba komai, baƙo ya gan shi haka, kuma tayin Kunkuru ya faɗi banza. In da bai kafa dokar tiya biyu ba, bashin ba zai cuce shi ba. Ashe tarkon da kayansa aka ɗana shi. Takardu da yawa a nan suke faɗuwa: sai a ga sarki mugu a sakin layi na farko, a na ƙarshe kuma ya faɗa rijiya ko ƙudan zuma sun harbe shi, abin da zai iya samun mutumin kirki ma. Wannan tsautsayi ne, ba wayon kunkuru ba.

Na uku, me zai tilasta wa mai iko ya biya? Mai kallo babba zai tambaya nan take, domin ya san sarki yana iya sa dogari ya kifar da kunkuru a bayansa, magana ta ƙare. Takardar ta tanadi abubuwa uku tun da wuri. Shelar sankira an ji ta a minti na farko, don haka da ta dawo a minti na biyar ba baƙuwa ba ce, kuma dariyar tana zuwa ne daga cewa bakin Sarki ne ya ci shi. Layukan gawayi shaida ce da kowa ke gani a bango. Baƙon kuwa shi ne mutum ɗaya tilo da Sarki ke jin kunyarsa, kuma son burge shi ne ya jawo bashin tun asali. Duk abin da zai yi aiki a ƙarshe sai an shuka shi a farko. In marubuci ya ga yana shigo da sabon mutum ko sabon abu a sakin layi na biyar don ya warware rikici, to gyara yana sakin layi na ɗaya.

Akwai wata ƙaramar kalma a shafin da in ta faɗi fim ɗin ya lalace, ita ce tsaba. A ƙauyukan kewayen Maraɗi akasari da zangarniyarsa ake ajiye gero, a ɗaura dami a jera a rumbun kara ko na zana, sai an tashi bukata a ciro a sussuka. Manyan rumbunan laka masu kama da tulu sun fi yawa ta wajen Adar. Mai zanen da ya tashi a Jiratawa, in aka ce masa rumbu kawai, na kara zai zana cike da dami, alhali zangarniya ba ta tsiyaya ta huda. Shi ya sa takardar ta ce rumbun ƙasa, ta ce tsabar gero, ta kuma ce a kan duwatsu yake, yadda ake ɗaga rumbu don gudun gara da danshi. Ratar da ke tsakanin duwatsun nan ita ce ƙofar Kunkuru. A shafi ɗaya ba a bayyana launin rigar Sarki ko yawan bishiyoyin gari, wannan na mai zane ne. Amma duk siffar da dabarar ta rataya a kanta dole a ambace ta.

Takardar tana kuma ɗauke da umarni ga idon kyamara, ko da ba ta faɗa da sunan umarni ba. Sarki ya taka Kunkuru bai gan shi ba. Sarki ya hau tsani, Kunkuru yana kallon gindi. Dogarai suna sama, babu mai duban ƙasa. Sai a ƙarshe Sarki ya sunkuya, shi ma ƙwayar gero ce ta sunkuyar da shi. Mai zane mai lura zai gane cewa fim ɗin tsayi biyu gare shi: fitowar Sarki a zana ta daga sama, mutane ƙanana a ƙarƙashinsa, ta Kunkuru kuma daga ƙasa, inda ake ganin ƙafafu da kofato da gindin rumbu kamar rufin ɗaki. Sau ɗaya tak tsayin biyu za su haɗu, lokacin da fuskar Sarki ta sauko cikin hoton Kunkuru. Wannan ya fi a rubuta cewa sarki ya raina talakawansa.

Daga nan sai lissafin lokaci da na aiki, wanda shi mai ba da kuɗi ke karantawa a bayan kalmomin. Fim yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa ɗaya. A zanen hannu an saba riƙe kowane zane na tsawon hoto biyu, sai ya zama zane 12 a daƙiƙa. Minti shida daƙiƙa 360 ne, wato zane 4,320 in komai yana motsi koyaushe. Ga ƴan matasa uku ko huɗu masu kwamfuta ɗaya ko biyu, wannan dutse ne. Amma labarin an gina shi yadda zai rage nauyin. Sakin layi na huɗu, na darare biyar, in aka ba shi daƙiƙa 60, a ƙa'ida zane 720 ne. Sai dai abin da ke faruwa a cikinsa zagaye ne: gero ya zubo, Kunkuru ya ɗauka, ya taka, dogari ya juye a baki, Iya ta ja layi. In aka zana zagayen sau ɗaya a hoton da ya yanka rumbun biyu, ana ganin sama da ƙasa lokaci guda, sai a yi ta maimaita shi ana ƙara sauri, ana sauya launin sama daga dare zuwa safiya. Sabon zane kawai na jemage ne da tsuntsu da layukan bango. Maimaicin da a wani fim zai zama alamar talauci, a nan shi ne abin dariyar.

Kunkuru kansa yana da araha. Ƙoƙon bayansa ba ya lanƙwasa, zane ɗaya ne ake turawa, ƙafafu da wuya kaɗai ke motsi, kuma tafiyarsa a hankali tana ba da damar riƙe zane fiye da hoto biyu ba tare da ido ya ƙi ba. Masu tsada su ne doki, da babbar riga mai kaɗawa, da taron jama'a. Shi ya sa manzo ɗaya ne a kan doki, ana iya nuna shi ya riga ya tsaya. Gidaje goma ma ba sai an zana mutum hamsin ba, ƙwarya goma da hannuwa goma sun wadatar. Marubucin da ya rubuta cewa baƙo ya iso da mahaya ɗari da masu kakaki, da jimla ɗaya ya ci aikin wata guda. Ana iya jin kakakin da kofatan a sauti, a ga ƙura ta tashi bayan katanga, sa'an nan baƙon ya shigo zaure da ƙafa.

Ragowar lokacin ana raba shi gwargwadon nauyin kowane sashe. Damina da kaka tare su ɗauki kamar daƙiƙa 70, zuwan manzo da hawan tsani 50, daren farko da bashin farko 70, domin a nan ne mai kallo ke koyon yadda dabarar ke aiki kuma ba a gaggauta masa. Ranar baƙo ita ce mafi tsawo, daƙiƙa 80, kuma kusan goma daga ciki shiru ne, tsakanin shelar sankira da miƙa ƙwarya. Rufewa 30. In aka haɗa da 60 na zagaye, 360 ke nan. Alamar takarda mai kyau ita ce tsawon kowane sakin layi ya yi kusa da rabonsa na lokaci. In gabatarwa ta cinye rabin shafi, fim ɗin ma haka zai yi, yara su watse kafin Kunkuru ya fara haƙa.

Magana a shafin biyu ce kawai, shelar sankira da tayin Kunkuru, kuma da gangan ne. Takardar labari ba wurin hira ba ce, ana sa maganar da in babu ita labarin ba zai juya ba. Ƙarancin maganar yana da wata riba: fim ɗin da aka yi da Hausar Maraɗi zai tafi Damagaram da Katsina da Kano yadda yake, in kuma za a mai da shi Zabarmanci ko Faransanci, jimloli kaɗan za a sake ɗauka. Muryoyin kuwa gara a bar su da harshen wurin. Tsohuwar Tibiri da ta ce hwada ba ta yi kuskure ba, kuma Iyar labari za ta fi zama gaskiya da irin wannan baki fiye da Hausar rediyo. Sauran aikin na mai sauti ne: tsiyayar gero a ƙwarya, wadda kowane kunne a ƙasar nan ya sani, da kartar gawayi a bango, da kalangun da ke ƙara sauri tare da zagayen.

Wani abin da ake yawan tambaya shi ne ko a buɗe fim ɗin da tsohuwa mai ba da tatsuniya, yara kewaye da ita, a rufe da ƙurunƙus. Yana da daɗi, amma a fim na minti shida yana cin kusan daƙiƙa 40, yana ƙara mutane huɗu ko biyar da za a zana, kuma yana jawo marubuci ya koma dogaro da baki, tsohuwar ta riƙa faɗin abin da ya kamata a gani. In ana son ƙamshin tatsuniya, murya kaɗai ta isa: a ji buɗewar a kan baƙin allo, yara su amsa, hoto ya fito.

Kafin a miƙa takardar ga mai zane, ana yi mata gwaji biyu. Na farko, a karanta ta da ƙarfi ga wanda bai san labarin ba, a ce ya maimaita. In ya iya faɗin abin da Sarki ke so, da abin da Kunkuru ya yi, da dalilin da ya sa Sarki ya biya, shafin ya yi aikinsa. In ya ce, “To, me ya hana shi ƙin biya?” a koma ga baƙon da Iya a ƙarfafa su. Na biyu, a ba mai zane fensir ya fitar da ƙananan hotuna goma sha biyu daga shafin, biyu ga kowane sakin layi, ba tare da ya yi tambaya ba, sa'an nan a nuna wa yaro hotunan babu rubutu. Duk inda mai zanen ya tsaya yana cizon fensir, jimlar da ke wurin tunani ce ba hoto ba, sai a sake ta. Duk inda yaron ya ɓace, akwai hoton da ya kamata a ƙara. Hotunan nan goma sha biyu su ne tushen allon labari, wanda daga shi ake rubuta senariyo a kuma auna daƙiƙun kowace fitowa.